Aron oben: abin da na auna kafin in rubuta wa Hajiya takarda

Litinin, 2 ga Disamba, 2024

Hajiyar da muke katanga ɗaya da ita a nan Gyaɗi-Gyaɗi za ta aurar da 'yarta ƙarshen watan nan, ta aiko a tambaye ni ko zan ba ta aron ƙaramin oben ɗina. Alkaki da dubulan da cincin duk aikin suya ne, tana da masu yi mata. Kek ɗin gwangwani ne take so ya fito daga hannunta, guda 120, na baƙi da na cikin gara. Na ce a gaya mata ta ba ni 'yan kwanaki, zan kawo mata da kaina.

Ba rowa ba ce ta sa na ɗaga mata. Hajiya ta fi ni iya kwaɓin kek nesa ba kusa ba, amma duk gashinta a tukunya da yashi take yi, gawayi a ƙasa, gawayi a kan murfi. Ba ta taɓa aiki da na lantarki ba. Shi kuwa wannan oben ɗin yana da halinsa, ni na san shi ne da hannu, ban taɓa zama na faɗe shi da baki ba. Idan na miƙa mata shi haka kawai, za ta murɗa 180 kamar yadda kowa yake faɗa, rabin tire ya ƙone, rabi ya fito fari, a yi asarar bota da ƙwai a wannan tsadar. Don haka na yanke shawarar in gwada shi a tsanake, in rubuta mata takarda ɗaya da za ta liƙa a bango kusa da shi.

Yau dai dubawa kawai na yi. Takardar da ke manne a bayansa ta nuna wat 1500, bolt 230. Sandunan wuta huɗu ne a ciki, biyu a sama, biyu a ƙasa, kuma ba shi da fanka. Hawa uku ne na sa raga. Abin murɗawa ma uku: na zafi, na zaɓen wutar sama ko ta ƙasa ko duka biyu, sai agogo mai minti 60. Na zare farantin ƙasa mai tare ɓurɓushi na wanke, na bi wayar da hannu tun daga jikinsa har fulogi, babu inda ta salube ko ta ƙone.

Laraba, 4 ga Disamba

An kawo wuta mai ƙarfi da hantsi, sai na yi gwajin burodi. Duk mai ƙaramin oben ya kamata ta yi wannan ko sau ɗaya ne, don burodi ɗaya kawai yake ci. Yankakken burodi fari ake samu, a jera shi ya cika raga daga lungu zuwa lungu, a bar shi ya gasu ba tare da an juya ko an taɓa ba. Inda ya fi yin ja, nan zafi ya fi taruwa.

Na sa raga a hawan tsakiya, na kunna sama da ƙasa a 180, na bar shi ya yi zafi kwata guda, sannan na jera yanka shida: uku a baya, uku a gaba. Bayan minti 7 na zaro ragar gaba ɗaya na ajiye a kan tire yadda take, don kada in rikita wanne ne na ina.

Na baya ta hannun dama ya yi duhu, gefensa har ya fara baƙi yana warin ƙauri. Na baya a tsakiya ya yi ja sosai, na baya ta hagu ya yi ja daidai ci. A layin gaba, na dama ya yi ja kaɗan, na tsakiya ya ɗan sauya launi, na hagu kuwa bushewa kawai ya yi, fari fat kamar ba a sa shi ba. Da na kifa su, sai ga layi biyu masu duhu sun ratsa ƙasan burodin, daidai inda sandunan ƙasa suke.

Dalilin bai da wuyar ganewa idan mutum ya tsaya ya kalli ginin abin. Ƙofar gilashi ce falle ɗaya, zafi yana fita ta jikinta, kuma ba ta da roba a gefe, iska tana shiga ta 'yar kafar da ke tsakaninta da jikin oben. Gaba kenan dole ya fi sanyi. Bangon baya ƙarfe ne, yana ɗaukar zafi ya mayar wa abin da ke kusa da shi. Ta hannun dama kuma akwai akwatin da abin murɗawa suke ciki, ya zama bango biyu, zafi ba ya saurin tsiyayewa ta nan kamar yadda yake yi ta hagu. Tunda babu fanka da za ta gauraya iskar, kowane lungu da nasa zafin yake zama. Duk mai tuyar waina ta san ramin tandarta da yake riga sauran ƙonewa, to haka abin yake a nan, sai dai ramin ba a ganinsa sai an sa burodi ya nuna.

Na sake gwadawa a hawan sama da na ƙasa don in ga ko Hajiya za ta iya amfani da su. A sama, fuskar burodin ta ƙone kafin minti 4. A ƙasa, gindin ne ya ƙone fuska tana fara. Oben ɗin gajere ne, tsakanin hawan sama da sandunan wuta bai fi faɗin yatsu huɗu ba. Kek ba shi da wurin zama sai tsakiya.

Na zana taswirar a bayan kwalin shayi, gida shida, na shafe kowanne da fensir gwargwadon duhunsa. Ita zan kwafa a saman takardar, don ta fi dogon bayani saurin shiga kai. Burodin da bai ƙone ba yara sun sha shayi da shi.

Alhamis, 5 ga Disamba

Na so in yi gwajin zafi yau amma wutar ta zo da rauni, fanka tana juyawa da ƙyar. Na kunna shi duk da haka don in ga yadda zai yi. Sandunan da suka saba yin ja jawur cikin 'yan mintuna sun tsaya a duhu-duhu, minti 25 ta wuce 'yar fitilar gabansa, wadda take mutuwa idan ya yanke wa sanduna wuta, ba ta mutu ba.

Mai gidanmu ya sa abin awonsa a soket, ya nuna bolt 180. Ya lissafa min a takarda: zafin sandar ba ya raguwa daidai da raguwar wuta, ninki yake yi. A raba 180 da 230, a ninka abin da ya fito da kansa, ana samun wajen kashi 61 cikin 100. Wato oben mai wat 1500 ya koma kamar mai wat 920. A irin wannan wutar kek yana daɗewa a ciki, ya bushe, bai tashi ba bai yi ja ba. Wannan ma zai shiga takarda: a dubi sanduna kafin a fasa ƙwai.

Asabar, 7 ga Disamba

Na samo ma'aunin zafi na cikin oben a kasuwar Sabon Gari, irin mai allura da ake ratayawa a jikin raga. Na rataye shi a tsakiya, na murɗa 180, na zauna a kujera 'yar tsugunno ina kallo ta gilashi da agogon waya a hannuna.

Fitilar ta mutu a minti 8. Yawancin mutane a nan suke zuba kek, suna ganin ya gama yin zafi. Amma allurar ba ta tsaya ba, ta ci gaba da hawa har ta wuce 205, domin sandunan suna nan da jansu ko da an yanke musu wuta. Sannan ta fara saukowa, ta kai wajen 180, fitila ta sake kamawa. Haka ya riƙa yi, hawa da sauka, amma kowane zagaye tazarar tana raguwa. Sai wajen minti 15 ya natsu, yana yawo tsakanin 188 da 200.

Abu biyu na fitar daga nan. Na farko, mutuwar fitila ta farko ba ita ce alama ba. A lokacin iskar ciki ce kawai ta yi zafi, bangon ƙarfe da raga ba su gama ɗauka ba. Da an buɗe ƙofa iskar ta fice, babu abin da zai mayar da zafin da sauri, sai sandunan su sake kamawa da ƙarfi a kan ɗanyen ƙullu, su ƙona fuskarsa cikinsa bai nuna ba. Na gwada buɗe ƙofar a minti 8 na ƙirga goma, allura ta faɗi ƙasa da 150. Da na yi haka a minti 15, iyakarta 170, kuma nan da nan ta koma. Na biyu, lambar da ke jikin abin murɗawa ba ita ce zafin da ke ciki ba. Nawa yana ƙara kusan digiri 15. Wanda yake son 175 sai ya tsaya a 160.

Don in tabbatar ba ma'aunin ne yake min ƙarya ba, na yi gwajin sukari. Farin sukari yana narkewa a wajen digiri 186. Na zuba rabin cokali a kan foyil, na sa a tsakiyar raga bayan oben ya natsu. A 160 ya yi kwata guda yana nan garinsa. A 180 ya narke ya zama ruwan zuma. Da lambar gaskiya take faɗa, da bai narke a 180 ba. Gwajin ba ya ba da lamba daidai wa daida, amma ya isa ya nuna wa mace ko oben ɗinta yana wuce gona da iri, kuma ba sai ta sayi komai ba.

Akwai wani abu game da agogon da na saba da shi har na daina lura, yau ya faɗo min. Shi ne makunnin. Idan ya koma sifili ya buga ƙararrawa, wuta ta yanke gaba ɗaya. Wadda ta murɗa minti 15 don ya yi zafi, ta tafi ta dawo bayan ƙararrawa, oben mai hucewa za ta tarar. Gara a murɗa shi can 60, a riƙa duba lokaci da waya.

Lahadi, 8 ga Disamba

Bayan la'asar na shiga wajen Hajiya in ga inda za ta ajiye shi, domin rabin hatsarin oben ba a jikinsa yake ba, a wurin zamansa yake. Ta nuna min wani teburin roba a lungun kicin, an shimfiɗa masa leda mai fure, labulen taga yana sauka a bayansa. Soket ɗin kusa kuma firij ne a kai, shi ya sa ta tanadi wata farar ekstenshan mai baki huɗu.

Na ce, "Hajiya, wannan teburin ba zai yi ba. Gindin oben da bayansa suna yin zafin da zai narka ledar nan, ga kuma labule."

Ta ce, "To ai minti ashirin ne kawai, 'yar nan."

Na ce, "Kowane zubi minti ashirin ne, Hajiya, amma zubi goma za ki yi. Da fitarwa da jiran zafi, sama da awa huɗu zai yi yana ci."

Ta yi shiru, sannan ta ce in zaɓa mata da kaina. Mun tsayar da kantar siminti mai tayil da ke ɗaya ɓangaren, wadda take ajiye tukwane a kai. Ba ta girgiza, ba ta kama wuta, tsayinta ya wuce hannun jikokinta, kuma akwai soket na bango a samanta. Na auna da hannu: taƙi guda tsakaninsa da bango ta baya da kowane gefe, sama kuma a buɗe, babu kabad.

Ekstenshan ɗin na ɗaga na nuna mata siririn wayarta. Oben mai wat 1500 yana jan amfiya shida da rabi. Soket na bango mai baki uku an yi shi ne don amfiya 13, zai ɗauka babu damuwa idan shi kaɗai ne a kai. Irin waɗannan ekstenshan masu araha kuwa, komai aka rubuta a jikinsu, tagullar cikinsu 'yar kaɗan ce, bakinsu kuma ba ya riƙe fulogi da kyau. Inda fulogi yake rawa nan wuta take tartsatsi, roba ta yi laushi, ta fara wari. Na sa wani fulogi a soket ɗin bangon na gwada, ya shiga da ƙarfi bai yi rawa ba. Na roƙe ta ta sa mai gyaran wutarsu ya duba ko wayar ƙasa tana haɗe a soket ɗin, tunda jikin oben ƙarfe ne. Ta ce gobe zai zo gyaran famfo, za ta sa shi ya duba.

Ta tambaye ni janareta. Suna da biyu. Ƙaramin bai kai wat 1000 ba, ba zai ɗauka ba ko kusa. Babban an rubuta 2500, zai iya idan aka cire firij da injin ruwa da dutsen guga. Na ƙara mata da cewa ranar aiki, komai sanyin hunturu da ƙura, kada yara su jawo shi cikin baranda ko kusa da tagar kicin. A cikin hayaƙinsa akwai iskar da ba ta da wari, kuma tana kisa.

Talata, 10 ga Disamba

Yau na yi gwajin gaske, da irin gwangwanayen da za ta yi amfani da su. Ta aiko min da dozin guda na ƙananan gwangwanin alminiyam masu haske, da wasu tsofaffi guda huɗu da suka yi baƙi da aiki. Na kwaɓa rabin kwaɓin da na saba. Bota ta yi tauri saboda sanyin safiya, sai da na bar ta a rana ta saki kafin ta bugu da sukari.

Tiren oben yana ɗaukar 12, layi uku na huɗu-huɗu. A zubin farko na cika kowane gwangwani kashi biyu cikin uku, na sa a 160 bayan kwata guda na zafi, ban juya ba don in ga iyakar ɓarnar. A minti 20 biyun da ke lungun baya ta dama sun yi duhu, gefensu ya yi ɓawo mai ɗaci. Na gaba ta hagu kuwa tsinke ya fito da ɗanyen ƙullu. Taswirar burodi ta fito a jikin kek sak.

A zubi na biyu na juya tiren a minti 14, gaba ya koma baya, dama ta koma hagu. Na jira har lokacin ne saboda kafin nan tsakiyar kek ruwa ce, iskar da ta ɗaga shi ba ta da abin riƙewa, girgiza ko sanyin ƙofa sai ya faɗa. Idan fuskar ta daina ƙyalli ta kama jiki, to an iya taɓa shi. Na rufe da sauri, na ƙara minti 8. Duka 12 suka fito kusan launi ɗaya, sai mai neman aibu ne zai gane na lungu.

Baƙaƙen gwangwanayen na saka su a zubi na uku tare da masu haske. Gindinsu ya fi yin duhu sosai, domin baƙin ƙarfe ya fi shan zafin sanda, mai haske kuwa yana mayar da wani. Ba sai ta zubar da su ba. Wurinsu layin gaba ta hagu a farkon zubi, inda wuta ta fi sanyi, kuma a riga cire su.

Na yi lissafin ranar aiki. Kek 120 zubi goma ne. Kowane zubi minti 22, a ƙara minti 3 na fitarwa da barin oben ya mayar da zafinsa, ya zama 25. Jimla awa huɗu da minti goma, ga kwata na farko. Ko da sandunan ba su huta ba ko kaɗan, ba zai ci yunit 7 a mita ba, kuma suna hutawa. Abin da ya fi damuna shi ne kwaɓi. Hajiya ta saba kwaɓa baho guda ta gasa a babbar tukunya. A nan ƙullun ƙarshe zai yi awa huɗu yana jira, ƙarfin bekin foda ya tafi, kek ɗin ƙarshe su fito a danƙare. Na zubi biyu za ta riƙa kwaɓawa.

Laraba, 11 ga Disamba

Na rubuta takardar da manyan baƙaƙe, taswira a sama, na sa ta a farar leda don kada mai ya ɓata ta. Ga abin da ke ciki:

"Assalamu alaikum Hajiya. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Ga oben ɗin, da tire ɗaya, raga ɗaya, da ma'aunin zafi na rataye a ciki, ki bar shi a nan.

Zanen da ke sama cikin oben ne idan kina tsaye a gabansa. Inda na shafe da baƙi, baya ta hannun damanki, nan ya fi ƙuna. Gaba ta hagu ya fi sanyi. Raga a hawan tsakiya kullum, tire ɗaya kawai.

Kafin ki fasa ƙwai ki kunna ki duba sandunan. In sun yi ja jawur, wuta ta isa. In sun tsaya a duhu, ki dakata.

Abin murɗawa na sama ki kai shi 160, kada ki bi masu cewa 180, nawa yana ƙara zafi. Na tsakiya ki sa shi inda aka zana layi biyu, sama da ƙasa. Na ƙasan agogo ne, kuma shi ne makunni, ki murɗa shi har 60, in ya kusa ƙarewa ki ƙara. Ki bar shi babu komai a ciki minti 15. Fitilar za ta mutu tun kafin nan, kada ta ruɗe ki. In allura ta zauna kusa da 175, ki zuba.

Kada a buɗe ƙofa sai minti 14 ta cika, ta gilashi ake leƙe. Sannan ki juya tire gaba ya koma baya, ki rufe da sauri, ki ƙara minti 8, ki soka tsinke a na tsakiya. In fuska tana yin ja da wuri, ki ɗora fallen foyil a kai, amma ki lanƙwasa gefensa kada ya taɓa sanda.

Jikinsa duka yana zafi, har sama da gilashi. Kada a ɗora masa komai, ko leda ko tsumma ko farantin kek ɗin da aka fitar. Tsumman sauke tire ya zama busasshe, jiƙaƙƙe yana kai tururi hannu nan take. Kada ruwa ya taɓa gilashin yana da zafi, yana iya fashewa. Mai aiki a gabansa ta ɗaure mayafinta ko ta cire hijabi, ta sa silifas, hannunta a bushe. Bayan kowane zubi biyu ki taɓa fulogi: ɗumi kaɗan ba komai, in ya yi zafin da ba ya riƙuwa ko kika ji warin roba, ki kashe soket ki aiko a kira ni.

In wani abu ya kama wuta a ciki, Allah ya kiyaye, kada ki buɗe ƙofa kuma kada ki watsa ruwa. Ki kashe soket, ki zare fulogi, ki bar shi a rufe, wutar za ta mutu don rashin iska.

In kin gama ki zare fulogi, ki bar shi ya huce sarai kafin a goge. Farantin ƙasa a zaro a wanke, maiƙon da ya taru a kansa shi ne yake hayaƙi. Kada a kankare sandunan, kada a zuba ruwa a ciki. Yara kuma a sa musu ido, gilashin yana jan hankalinsu.

Ina gida duk ranar Asabar, ki buga katanga kawai."

Da yamma na sa yaro ya ɗauko shi muka kai. Mai gyaran wuta ya duba soket, ya ce wayar ƙasa tana nan. Na karanta mata takardar a gaban oben ina nuna mata kowane abu da yatsa, ƙanwar amarya tana tsaye tana ji, tunda ita ce za ta tsaya a kansa.

Asabar, 14 ga Disamba

Sun fara da safe. Zubi huɗu na farko Hajiya ta aiko min da ɗanɗano, sun yi kyau ƙwarai, sun fi nawa laushi. Wajen azahar ƙanwar amarya ta shigo da faranti a hannu, ranta a ɓace. Kek shida ne a kai: uku gindinsu baƙi fuskarsu fara, uku fuskarsu ta yi duhu ta tsage gindinsu kuma bai nuna ba.

Ban tambaye ta komai ba sai da na kifa su duka. Ƙuna iri biyu masu saɓani a zubi ɗaya ba aikin lungu ba ne, ba kuma laifin lamba ba. Na ce, "Tire biyu kuka sa?" Ta ce wata gwaggonsu ce ta ga aikin yana tafiyar hawainiya, ta kawo nata tiren, suka sa ɗaya a hawan sama ɗaya a ƙasa. Kowane tire ya tare wa ɗan'uwansa wuta: na ƙasa ya sha sandunan ƙasa shi kaɗai bai ga na sama ba, na sama kuma akasin haka. Babban oben mai fanka yana jure wannan, wannan ba zai iya ba. Na bi ta muka koma, na cire tiren na biyu, na gaishe da gwaggon na nuna mata taswirar, ta ce ai ba ta sani ba. Waɗanda gindinsu bai nuna ba mun mayar da su tsakiya da wutar ƙasa kaɗai minti 5, sun ciwu, ko da yake ba na gara ba ne.

Ina nan tsaye aka ɗauke wuta, zubi na bakwai yana minti 9 a ciki. Wannan ban sa shi a takarda ba, sai a nan na ga gurbinsa. Na hana a buɗe ƙofa, aka ruga aka tayar da babban janareta, aka cire firij. Bai fi minti 3 ba wuta ta dawo masa, allura ba ta sauka ƙasa da 150 ba, muka ƙara minti 4 a kan lokacin. Sun ɗan rage tashi amma ba su faɗa ba. Hajiya ta ce da janaretan ya ƙi tashi, da tukunyarta za ta koma, ta sa aka hura gawayi aka ɗora yashi ya zauna da zafinsa har aka gama. Wannan dabarar tata ta fi duk abin da zan rubuta, na ƙara ta a ƙasan takardar da biro, tare da jan layi biyu a ƙarƙashin "tire ɗaya kawai".

Fulogi ya yi ɗumi bai yi zafi ba. Sun tashi daf da magariba.

Litinin, 16 ga Disamba

Hajiya ta ce in ƙara mata kwanaki, tana so ta yi mitfai ranar Alhamis na 'yan kamu. Na amince, amma lambobin takardar na kek ne, ba za su yi wa mitfai ba. Shi yana son wuta ta fi haka, kuma matsalarsa a gindi take, inda ruwan nama yake jiƙa fulawa. Tunanina shi ne 175 a jikin abin murɗawa, wanda zai ba da wajen 190 a ciki, a sa tiren ya yi zafi tare da oben kafin a jera, a bar lungun baya ta dama babu komai tunda ƙwan da ake shafawa a fuska yana saurin yin duhu. Ban gwada ba tukuna, kuma ba zan rubuta mata abin da ban gani da idona ba. Gobe in an kawo wuta mai ƙarfi zan shiga wajenta da kwaɓin guda shida mu gwada tare, in rubuta lokacin juyawa da na fitarwa a bayan takardar.